Takardar sanarwar kwalara da za mu liƙa a sito: a duba mini kafin in buga

Mai Sito Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake kula da wani siton hatsi da albasa a nan Garwa, arewacin Kamaru. Muna da ma'aikata 14 masu albashin wata, sai 'yan dako da ke kai 30 ranar da mota ta shigo. Jiya ma'aikatan lafiya sun zagaya unguwar da ke bayanmu suna cewa an samu masu amai da gudawa, an kwantar da wasu. Maigida ya ce in rubuta sanarwa in liƙa a ƙofa kafin gobe. Ga abin da na rubuta:

"Saboda ɓullar kwalara, ana umartar kowa ya kula da tsafta. A wanke hannu da jabel, wato ruwan bilic. An hana musabaha. Duk wanda ya ji ba shi da lafiya ya zauna a gida har ya warke. Duk wanda ya karya wannan doka za a hukunta shi."

Zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Akwai masu aikin asibiti a nan, don Allah ku gyara mini. Mutanen nan amana ce a wuyana.

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ƙara cewa a sayi doksi, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, a raba wa kowa ya sha tun yanzu. A 2010 da cutar ta yi ɓarna a wajen Marwa da Mokolo haka muka yi a tasha, kowa ƙwaya uku. Kuma a yawaita lemon tsami a abinci, tsami yana kashe ta.

Hajiya Nas:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi kyau da ka kawo ta nan kafin ka liƙa. Na yi aiki a tantin masu kwalara a 2010 da 2011, kuma layin da ya fi tayar mini da hankali a takardarka shi ne "ya zauna a gida har ya warke". Ka cire shi yau. Ai a gida kwalara take kashe mutum. Ƙato mai ɗaukar buhu biyu zai fara gudawa da asuba, kafin la'asar idonsa ya faɗa ciki, muryarsa ta shaƙe, ba ya ko iya ɗaga kofi. Abin da ke kai shi kabari ruwa ne da gishirin jiki da suke zuba kamar an buɗe famfo. Wanda aka mayar masa da ruwan nan da wuri, cikin ɗari ba a rasa ko ɗaya cikakke. Wanda ta yi wa tsanani aka bar shi kwance kuwa, ana iya rasa ɗaya cikin huɗu har zuwa rabi.

Don haka aikin takardar shi ne ta gaya wa mai gadi da ɗan dako abin da za su yi a awa ta farko. A maimakon wancan layi ka rubuta: duk wanda ya yi gudawa mai ruwa sau uku a yini, ko sau ɗaya tak in ta zo fara tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ya faɗa wa wane nan take, ya fara shan ruwan gishiri da sukari a nan wurin, a kai shi asibiti yana sha a hanya. Ka sa sunan mutum ɗaya na rana da mutum ɗaya na dare, da lambar wayarsu, da sunan asibitin da hukumar lafiyar gundumarku ta ware wa masu cutar. Ka je da ƙafarka yau ka tambaya wanne ne, kada ranar da abin ya faru ku yi ta yawo da mutum a kan moto daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Baba, maganar lemon tsami akwai gaskiya a ciki, ƙwayar kwalara ba ta son tsami, matsa shi a miya ko kunu ba laifi. Amma ba ya gyara randar da ta gurɓace. Doksi kuma mu muke ba wanda ya kwanta sosai, bayan an fara mayar masa da ruwa, don ya rage tsawon gudawar. Raba wa masu lafiya ba ya hana su kamuwa jibi in sun koma sun sha ruwan nan dai, kuma yana sa ƙwayar ta daina jin magani.

Baba Direba:
To Hajiya, mu dai mun sha kuma babu wanda ya kamu a cikinmu. Amma ke kika san aikin.

Maman Ummi:
Ni tambayata daban. Ɗana ya yi zazzaɓi da ciwon kai tun shekaranjiya, an ce ko sanƙarau ne ke yawo. In haɗa masa ruwan gishirin ne shi ma?

Hajiya Nas:
Maman Ummi, ajiye wayar ki duba shi yanzu. Ki sa ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. In wuyan ya ƙage, ko haske yana damunsa, ko yana magagi, ko ya yi jijjiga, ki tafi asibiti a daren nan. Ko wuyan lafiya, zazzaɓin kwana uku a damina yana son gwajin maleriya gobe da safe. Ruwan gishiri ba maganin sanƙarau ba ne, allura yake so da gaggawa.

Mai Sito Garwa:
Allah ya ba yaro lafiya. Hajiya, maganarta ta tuna mini, maigida ya ce in haɗa da sanƙarau a takarda ɗaya don kada mu sake bugawa.

Hajiya Nas:
Kada ka haɗa. Hanyoyinsu ba ɗaya ba ne. Kwalara ta baki take shiga, daga ruwa ko abinci ko hannun da ya taɓa najasa. Sanƙarau daga numfashi da tari yake, a ɗakin da aka cunkushe, kuma lokacinsa rani ne, daga hunturu zuwa tsananin zafi kafin ruwa ya sauka. In ka cakuɗa su, mutum zai ɗaura ƙyalle a hanci yana shan ruwan rijiya yana ganin ya kare kansa. Ka bari zuwa Disamba ka yi ta sanƙarau ita kaɗai: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, ƙagewar wuya, a tafi asibiti nan take, a rage cunkoso a ɗakin kwanan masu gadi. A nan ma za ka tuna musu cewa allurar da aka fara yi wa matasa a arewacin Kamaru da Cadi a 2011 nau'in A kaɗai take karewa, akwai C da W da X.

Ɗan Kusiri:
Ni kuma abin da ya tsaya mini shi ne "a wanke hannu da jabel". A wurin aikinmu an taɓa rubuta haka daidai. Mai shara ya ɗauka a zuba shi yadda yake daga kwalba. Kwana uku hannun mutane ya tsattsage, tsakanin yatsu ya yi ja yana zafi, kowa ya daina zuwa wajen bokitin. Ƙarshe ba jabel ba sabulu. Dole a rubuta awo. Ni abin da na riƙe shi ne murfi ɗaya a bokiti, ya isa komai.

Hajiya Nas:
Labarinka gaskiya ne ƙanena, amma murfi ɗaya ya yi kaɗan ƙwarai, kuma haɗi ɗaya ba ya yin kowane aiki. Haɗi uku ne. Na hannu shi ne 0.05%. Na goge ƙasa da ƙofar masai da tufafi da tabarma 0.2%. Na zubawa a kan amai da kashi 2%. Mai Sito, ɗauko kwalbar da kuke da ita ka karanta mini abin da aka rubuta a jikinta.

Mai Sito Garwa:
An rubuta `2,6% de chlore actif`. Bokitinmu mai famfo lita 20 ne.

Hajiya Nas:
Madalla. Lissafin shi ne ka raba ƙarfin kwalba da ƙarfin da kake nema, ka cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa a kan awo ɗaya na jabel. Na hannu, 2.6 a raba da 0.05 ya ba da 52, a cire ɗaya, ke nan awo ɗaya na jabel da awo 51 na ruwa. A bokitinka na lita 20 ya kama wajen mililita 400. Ka ga nisan da ke tsakaninsa da murfi ɗaya. Na goge ƙasa, 2.6 a raba da 0.2 ya ba da 13, ke nan kofi ɗaya na jabel da kofi 12 na ruwa, kowane irin kofi ne in dai shi ɗin ne ka auna duka biyun. Na amai da kashi kuwa, kwalbarka da kaɗan ta ɗara 2%, saboda haka ka zuba shi yadda yake, ya rufe wurin, a bar shi aƙalla minti 15 kafin a kwashe a zuba a masai. Mai kwashewa ya sa safar roba.

Amma kada ka rubuta waɗannan alƙaluma a ƙofa, babu ɗan dakon da zai tsaya yin rabawa. Ka sami ƙaramar gorar ruwa ta rabin lita, ka auna mililita 400 sau ɗaya da sirinji ko kofin awo na kyamis, ka zana layi da jan fenti, ka ɗaure ta da igiya a jikin bokitin. A takarda ka ce kawai: jabel zuwa jan layi, ruwa ya cika bokiti, a zubar a sake kowace safiya. Mutum ɗaya ne zai riƙa haɗawa. A sa bokitin a inuwa da murfi, domin rana tana cinye ƙarfinsa, haka ma kwalbar da ta daɗe a kan teburin mai shago cikin zafin Garwa. Kada a haɗa jabel da wani maganin wanke masai, hayaƙinsa yana shaƙe mutum. In an canza kwalba aka kawo mai wani ƙarfi, lissafi ya canza, a sake layi.

Kuma in faɗa maka gaskiya, in akwai sabulu da ruwa mai zuba, shi na fi so ga hannu. Jabel ɗin ka tanade shi don masai da ƙasa.

Ɗan Kusiri:
Na karɓa Hajiya. Murfin nan ina jin na ruwan sha na riƙe na kai shi wurin hannu.

Hajiya Nas:
Shi ya sa nake tsoron a bar mutane da "murfi". Ruwan sha ka yi amfani da ƙwayar Aquatabs ka bi abin da aka rubuta a fakitin, domin girmansu ya bambanta, wata ta lita kaɗan ce wata ta jarka guda. A jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi duhu a bar shi ya kwanta a tace da ƙyalle tukuna. Ko kuma a tafasa shi ya yi ta ɓulɓula minti ɗaya. Bokitin hannu da na sha kada su yi kala ɗaya.

Malam na Masallacin Tasha:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko. Hana musabaha ba ni da ja a kai, sallama da baki ta wadatar a irin wannan lokaci. Sai dai ku duba inda hannu ya fi haɗuwa a wurin aiki. Buta ɗaya ce ke shiga masai ta fito a yi alwala da ita, a kurkure baki. Randa ɗaya ce da moɗa ɗaya, kowa ya tsoma hannu har wuyan hannu. Ga kwanon wankin hannu kafin tuwo, mutum goma a ruwa ɗaya, na ƙarshe wankin mutum tara yake shafawa. A masallacinmu mun ware butocin masai da na alwala, mun ɗaura wa na masai baƙin zare a hannu, mun rataye sabulu a cikin safa a bakin ƙofa don kada ya ɓata.

Hajiya Nas:
Allah ya saka Malam, wannan ya fi hana musabahar amfani nesa ba kusa ba. Mai Sito, ɗauki duka ukun. Randa a sa mata famfo ko a koma jarka mai ƙaramin baki. Wankin hannu a zuba wa mutum daga sama. Ruwan alwala ma ya zama wanda aka gyara, tunda yana shiga baki. Dalilin da ya sa dokar ta hau kowa shi ne yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa jin komai, suna aikinsu garau, amma tana fita a bayan gidansu har zuwa kwana goma. Ba za ka gane su da ido ba.

Mai Sito Garwa:
Na rubuta. To ruwan gishirin fa? Na sayo sashe 20 a kyamis, SRO aka rubuta a jiki. Gorunan da muke da su duk na lita ɗaya da rabi ne.

Hajiya Nas:
A nan mutane da yawa suke kuskure. Duba bayan sashen, galibi na lita ɗaya ne. Ko ka zana layin lita ɗaya a jikin gora, ko ka juye gora biyu a tsaftataccen kwano ka zuba sashe uku, lita uku ke nan daidai. In sashe ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Ka ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Wanda ya kwana ya wuni a zubar.

Babban mutum da ya fara bushewa yana iya buƙatar kusan lita huɗu a awa huɗu na farko, don haka sashe ashirin ɗinka na mutum biyu ne ko uku, ka ƙaro. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba da kurɓi kaɗan kaɗan, kada a ce ai ba ya zama a daina. Alamun da ke cewa baki ya kasa sai ƙarin ruwa ta jijiya: ka tsunkuli fatar cikinsa ka saki ta tsaya a tattare ta fi daƙiƙa biyu, ido ya zurma, ba fitsari, ƙafafu suna murɗewa, yatsu sun yi yaushi kamar na mai wanki, ko ya kasa sha. Wannan ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Kuma a rubuta ƙarara kada a ba shi maganin tsayar da gudawa na 'yan tebur.

Ɗan Injamena:
Duk wannan daidai ne, amma ku yi haƙuri in faɗi abin da zai kashe takardar. Ni ɗan dako ne kafin in samu aikin awo. Ɗan dako kuɗinsa a buhu yake. In ya ce cikinsa ya ɓaci aka ce tafi asibiti, ranar nan gidansa ba a ɗora tukunya. Na ga mutum da idona yana zagayawa bayan katanga sau biyar yana dawowa yana ɗaukar buhu, yana cewa kunun safe ne bai karɓe shi ba, sai da ya zube a kan sikeli. Ga kuma layin nan na "za a hukunta shi". Wanda ya ji hukunci ɓoyewa zai yi. In maigida bai yarda a rubuta cewa wanda ya faɗa ba zai rasa kuɗin yininsa ba kuma gurbinsa na nan, to ku liƙa takarda goma ma, bayan katanga za a ci gaba da zuwa.

Mai Sito Garwa:
Yaya, maganarka ta taɓa ni, don na san fuskokin da za su yi haka a wurinmu. Hukuncin na cire. Na kira maigida yanzu. Ya yarda da kuɗin moto zuwa asibiti ga kowa, ya yarda masu albashi ba za a yanke musu ba. Na 'yan dako ya ce in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai wayi gari da ciwon ciki.

Ɗan Kusiri:
Shi ma yana da hujja fa. A ɗaura shi da takardar asibiti, wanda ya kawo a biya shi.

Ɗan Injamena:
Takarda bayan kwana uku take zuwa, yara kuma daren nan za su ci. A ba shi na ranar farko a hannu lokacin da ake ɗora shi a moto, sauran a jira takarda. Wa zai yarda a kai shi tantin kwalara don kuɗin yini ɗaya?

Baba Direba:
A tasha asusu muke yi, kowa ya jefa sefa ɗari a mako, maigida ya ɗora nasa. Ku gwada. Sannan ɗana, rabin mutanenka ba sa karatun boko. Ka sa a karanta musu da Hausa da Fillanci da safe kafin a buɗe mota, a haɗa ruwan gishirin a gabansu kowa ya ɗanɗana.

Hajiya Nas:
Baba ya faɗi abin da na manta. Ƙari biyu. Motar ko moton da ya ɗauki marar lafiya a wanke shi da haɗin kofi ɗaya da 12. Wanda aka yi rashi a gidansa da wannan cuta kuma ya sanar, ba don a kore shi ba, don a sa masa ido kwana biyar, domin daga awa 12 zuwa kwana biyar take ɗauka kafin ta bayyana. In lafiyarsa ƙalau ya yi aikinsa, amma kada ya taɓa randa ko rabon abinci. Wankan gawar a bar wa ma'aikatan lafiya su jagoranta, Malam zai fi ni iya yi musu bayanin wannan.

Malam na Masallacin Tasha:
Zan yi in sha Allahu. Ana yi wa mamaci haƙƙinsa da safar hannu da ruwan magani, mutum kaɗan, kuma waɗanda suka yi wankan kada su shiga girkin zaman makoki. Mai Sito, in kana so in zo gobe bayan asuba in karanta musu, ka turo yaro.

Maman Ummi:
Hajiya mun dawo, an gwada, maleriya ce, an ba shi magani. Na gode. Ni ce fa irin masu kai abinci sito, mu ma za a hana mu shiga ne?

Mai Sito Garwa:
Alhamdu lillahi Maman Ummi. Ba za a hana ba, na rubuta abinci mai zafi a rufe kawai, an dakatar da ɗanyen ganye da ruwan ƙulli da ƙanƙara har abin ya lafa. Malam, zan turo yaro ƙarfe shida. Gora da jan fenti suna gabana, zan je kyamis in karɓo sirinji da ƙarin sashe. Maganar kuɗin 'yan dako zan sake tayar wa maigida ita da daddare tare da shawarar asusun Baba, na bar layin a buɗe a ƙasan takardar.